Lamba ta canja, sandar jadawali fa?

"Maigida, mai makarantar nan ya kira, wai ɗaliban 2023 ba 240 ba ne, 315 ne. Na gyara lambar a CorelDRAW, amma sandar tana nan yadda take. In ja ta da maus har ta ɗan yi tsawo?"

A'a, yaro, sauke hannunka daga maus ɗin nan tukuna. Ido ba ya awo. Sandunan nan da hannu aka zana su, babu abin da ya haɗa su da lambobin da ke kansu, don haka lissafin kai za ka yi shi.

Fara neman ma'aunin da aka zana jadawalin da shi. Danna sandar 2023. In an ɗaure ta da sauran a rukuni ɗaya, riƙe Ctrl sannan ka danna, ita kaɗai za ta zaɓu. Dubi Object size a sama, gidan ƙasa shi ne tsayi. Ka ga milimita 60. Raba 60 da 240, ka sami 0.25, wato kowane ɗalibi ɗaya yana cin rubu'in milimita. Sai ka ninka 315 da 0.25, ya ba ka 78.75. Tsayin sabuwar sandarka ke nan.

Amma kada ka yarda da shaidar sanda ɗaya. Auna ta kusa da ita, wadda aka rubuta 400 a kanta. In ka tarar da milimita 100, raba ka gani, 0.25 ne ya sake fitowa, to ma'auni ɗaya ne kuma daga sifili aka fara, ci gaba da aikinka.

Inda ake faɗawa rami shi ne jadawalin da gindinsa bai fara daga sifili ba. A ce ka auna ta 240 ka sami milimita 70, ta 400 kuma 150. Ta farko ta ba ka kusan 0.29, ta biyu 0.375. Da ka ga amsoshin sun saɓa haka, leƙa layin gefe inda aka jera lambobi, za ka iske daga 100 aka fara ƙirga. A nan sai ka cire 100 daga kowace lamba kafin ka yi komai. 240 ta koma 140, milimita 70 a raba da 140 rabin milimita ke nan. 315 ta koma 215, rabinta 107.5. Da ka bi hanyar farko da ka sami kusan 92, sandar ta gaza da fiye da milimita 15, kuma ba wanda zai lura sai an buga an raba wa iyayen yara. Ni dai ba na son irin wannan jadawali ko kaɗan, domin yana kumbura ƙaramin bambanci ya zama babba. In kwastoma ya yarda, gara a sake zana shi daga sifili. In kuwa ka cire gindin amma amsoshin suka ƙi daidaita, to wanda ya zana tun farko da ido ya yi, sai ka zaɓi ma'auni guda ka gyara sandunan duka.

Saura shigar da lambar. Abu biyu za ka duba kafin ka rubuta 78.75. Akwai ɗan kwado kusa da gidajen awon, Lock ratio, buɗe shi, in ba haka ba sandar za ta yi ƙiba yayin da take tsawo, ta fi 'yan uwanta faɗi. Sannan a gefen hagu akwai ɗigo tara, Object origin. Yawanci na tsakiya ne a zaɓe, shi ya sa sandar ke ƙaruwa sama da ƙasa a tare, gindinta ya huda layin ƙasa. Danna ɗigon ƙasa na tsakiya, gindin ya tsaya cak, kai kaɗai ya tashi. In sandunan kwance suke, ɗigon hagu za ka danna, kuma gidan faɗi za ka canja.

Bayan ka buga Enter, ɗaga rubutun 315 ya zauna kan sandar da tazara irin ta sauran. Kada ka ja su tare, haruffan za su miƙe su yi muni. Ka kuma karanta sauran shafin, don in akwai jimilla ko kashi cikin ɗari da aka fitar daga 240, su ma sun canja, kira mai makarantar ya tabbatar maka da sababbin.

A wannan aikin ka yi sa'a, 315 ba ta kai 400 ba, akwai wuri a sama. Ranar da sabuwar lamba ta fi kowace girma har sandar za ta taɓo kanun shafi, kada ka datse ta don ta shiga. Rage ma'aunin, misali daga 0.25 zuwa 0.2, ka sake lissafa kowace sanda da shi, ka matsar da layukan gefe su bi. Yanzu auna min ta 400 ɗin mu gani.