Tiya ɗaya, farashi uku

"Malam, na aiki yarona kasuwar Dole ya tambayo mini kuɗin tiyar hatsi wurin mutum tara. Ya dawo da lissafi uku: 700, 650 da 600. Wanne ne farashin kasuwa?" in ji wani Alhaji mai saida hatsi a nan Damagaram.

Alhaji, yaron bai yi kure ba, tambayoyi uku ya amsa maka. Ga farashin da ka turo, na jera su daga ƙarami zuwa babba, da sefa: 600, 600, 600, 625, 650, 675, 700, 700, 1150.

In ka tara su duka za ka samu 6300. Raba wa mutum tara, kowa ya tashi da 700. Wannan shi ne matsakaici, wanda 'yan lakwal ke kira muwayan. Amma duba jerin da kyau: mutum shida cikin tara ƙasa da 700 suke saidawa. Mai 1150 ɗin nan ne ya ja lissafin sama shi kaɗai. Ina zaton irin shuka ne a gabansa, ko kuma ya ga yaro da biro da takarda ya ɗauka baƙo ne. Cire shi, matsakaicin sauran takwas ya faɗo wajen 644.

Shi kuwa 650 na tsakiya ne, wato mediyan. Ba a tarawa, ba a rabawa. Ka ƙirga zuwa mutum na biyar, huɗu a ƙasansa, huɗu a samansa. Ko da mai tsadar nan jika biyar ya ce, na biyar yana nan inda yake. Da mutum takwas ne, sai ka haɗa biyun tsakiya ka raba biyu. In aka tambaye ni nawa tiya take yau, wannan zan faɗa.

600 shi ne wanda ya fi maimaituwa, ana ce masa mod. Shi mai saye zai riƙa jefo maka wajen ciniki, don shi ya fi ji. Sai dai ba shi da ƙarfi a jeri gajere: mutum ɗaya daga masu 600 ya koma 700, mod ya yi tsalle zuwa 700.

Inda matsakaici ke da rana shi ne lissafin uwar kuɗi, kuma nan 'yan kasuwa ke cutar kansu. A ce ka sari tiya 100 a kan 600, da tiya 20 a kan 700. Kada ka ce tsakaninsu 650. Ka biya 74,000, ka raba da tiya 120, kowace ta zo maka wajen 617. A kan wannan za ka ɗora kuɗin amalanke da na buhu kafin ka yanka farashi.

Ran Alhamis in za ka sake aikensa, ya rubuta irin hatsin a gefen kowane farashi, ya kuma duba ko tiyar kowa girmanta ɗaya.