Kewa, bege da karin maganar wanda ya bar gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Jidda, shekarata uku ban je gida Kano ba. Na tsara wa maiɗakina waƙa, ga baitin farko:

Ina begen tuwo da miyar kuka,
Ina kewarki, hasken zuciyata,
Ni ɗan ci-rani, na bar gida, gida ya bar ni,
Garin masoyi ba ya nisa, ki jira ni.

Abokin aikina ya ce na sa bege da kewa a gurbin juna, kuma karin maganar ba su dace ba. Ya gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka, ya maido ka gida lafiya.

Abokinka ya yi rabin gaskiya a kan kalmomin. Kewa 'yar sabo ce. Ba a kewar abin da ba a taɓa zama da shi ba. Ka tuna gaisuwar da ake yi wa uwa bayan an kai 'yarta ɗakin miji, ko mai gidan da baƙinsa suka tafi: "Yaya kewa?" Ana tambayarsu ne yadda suke ji da gurbin da mutum ya bari, tabarmar da ba mai zama a kai, muryar da aka daina ji da safe. Shi ya sa Hausawa suke cewa sabo ake yi wa kuka. Don haka "ina kewarki" daidai yake ga matar da kuka zauna ɗaki ɗaya, kada ka taɓa shi.

Bege kuwa zuciya ce take miƙewa zuwa ga wanda yake nesa, tana ambatonsa ba ta gajiya, kuma ba sai an taɓa haɗuwa ba. Babbar hujja ita ce waƙoƙin begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sha'iran da suke rera su ba su gan shi ba, amma ba wanda zai ce sun yi kuskuren kalma. Saboda wannan darajar da kalmar ta samu ne kunnen Bahaushe yake ɗan tsayawa idan ya ji an jingina ta da tuwo. Begen gida ana faɗa, begen masoyi ana faɗa, amma abin da harshe yake so ya ɗanɗana bayan an daɗe ba a same shi ba, sunansa marmari. Daga nan aka sami kayan marmari. Tuwo da miyar kuka a Kano ba kayan marmari ba ne, abincin kullum ne, zamanka a can ne ya mayar da su haka, kuma wannan kaɗai ya isa ɗango mai taɓa zuciya. In kana so ka haɗa abincin da mai dafa shi, ka ce tuwon hannunki. A Jidda ana sayar da tuwo a unguwannin da Hausawa suke, ita ma ta san haka. Abin da babu a can shi ne hannunta.

Yanzu ga ci-rani, wadda ba ka tambaya a kanta ba amma ita ce kalma mafi albarka a baitin. Asalin cin rani shi ne manomi ya gama girbi da kaka, ya cika rumbu, ya tafi birni ko Kurmi ya yi ga-ruwa, dako, yankan farce ko gadi, don ya rage wa rumbun baki ya kuma samo kuɗin taki da sutura. Da hadari ya fara haɗuwa, wajen watan Mayu ko Yuni, sai ya kama hanyar gida don kada shuka ta wuce shi. Ci a nan shi ne ɓatar da lokaci a wuri, kamar yadda ake cewa ya ci wata biyu a can. Ka ga ke nan alkawarin dawowa yana cikin kalmar, har da lokacinsa. Yau gidajen rediyo suna kiran duk wanda ya tsallaka wata ƙasa neman abinci ɗan ci-rani, ko a Sabha ta ƙasar Libiya yake ko a Italiya, saboda haka ba ka yi kuskure ba. Sai dai ka bar dukiya a ƙasa. Mutumin da ya fita da sunan rani ɗaya, damina ta sauka sau uku ba ya nan, yana da abin faɗa wanda ya fi "ni ɗan ci-rani" nauyi. Ka bar kalmar ta yi karo da shekarun, mai sauraro zai ji ciwon da kansa.

A kan karin maganar ne nake tare da abokinka ɗari bisa ɗari, kuma nan ne nake so ka tsaya sosai. Yawancin karin maganarmu na tafiya daga bakin mazauna gida suka fito, suna magana da mai shirin fita ko suna yi masa hukunci bayan ya tafi. Idan matafiyi ya ɗauko su yadda suke ya sa a bakinsa, sau da yawa sai su juya su sare shi.

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi" gargaɗi ne. Dattijo ne yake faɗa wa yaro cewa a waje babu gatan da ya saba, zai ci abin da ya samu, ya kwana inda ya samu, ya haɗiye maganar da ba zai haɗiye a gidan ubansa ba. Akwai kuma ma'ana ta biyu mai ɗaci: wanda ya daɗe ba ya nan, za a ci gaba da sha'ani ba shi, a yi suna a yi biki a yanke shawara ba a jira shi ba. Kai ma'ana ta farko kake nufi, na gane. Amma dubi wadda za ta saurari waƙar. A bakin Bahaushe, gida da iyali da maiɗaki duk sunaye ne na matar aure, shi ya sa ake tambayar magidanci "yaya gida?" Idan ka ce mata gida ya bar ni, ka ce ita ta bar ka. Macen da ta shekara uku tana riƙe da ɗaki, tana jin maganganun dangi da na maƙwabta a kan mijin da bai dawo ba, ba ta cancanci ta ji wannan daga gare ka ba, ko da kuskure ne. Gyaran ba shi da wuya: ka mayar da karin maganar bakin masu ita, sannan ka ba su amsa. Su ne suka ce gida zai bar ka, kai kuma ka shaida cewa ita ta riƙe ka.

"Garin masoyi ba ya nisa" ya fi wancan haɗari, don yana da zaƙi a baki. Mutane suna ɗaukarsa kamar yana nufin zukata suna kusa ko da jikkuna sun rabu. Ba haka Hausawa suke amfani da shi ba. Ana faɗarsa ne ga wanda ya taka ya je, ya sha rana da ƙura bai ji gajiya ba saboda wanda zai gani. Karin magana ne na ƙafa, ɗan'uwan "zumunta a ƙafa take". Wanda ya faɗe shi yana zaune, ya ba da sandar da za a doke shi, don amsar a shirye take: to in ba nisa, me ya hana ka zuwa? Tana iya ƙara maka da cewa zuwa da kai ya fi aike, duk da kuɗin da kake turowa.

Kada ka cire shi, ka faɗi abin da ya tare hanyar. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa zuwa gaɓar Bahar Maliya sun shafe shekaru kafin su ga Makka, wasu ma suka zauna a hanya har zuri'arsu take can yau. Kai tsakaninka da Kano tafiyar kusan awa biyar ce a jirgi. Nisanka ba na hanya ba ne, na takarda ne da aljihu: iƙama wato takardar izinin zama, kafili wato ubangidan da ya tsaya maka, bizar fita da dawowa, kuɗin tikiti, da kunyar sauka hannu rabbana. Idan waƙar ta ambaci ɗaya daga cikinsu, karin maganar ya tashi daga zargi ya koma shaida a gare ka, wato kana cewa da so ne kaɗai ke kai mutum, da tuni ka iso.

Saura "hasken zuciyata". Ba laifi a nahawunsa, amma kowane saurayi yana faɗa wa kowace budurwa, ba abin da ya nuna daga Jidda aka aiko shi. Ka nemi abin da ku biyu kaɗai kuke rayuwa da shi. Agogonku yana gaban na Kano da awa biyu, galibi lokacin da ake kiran isha a wurinku rana ba ta gama faɗuwa a gida ba. Kai ka rufe shago ka shiga dare, ita tana hura wutar tuwon dare. Wannan sa'ar ce kewa take kama baƙo, ita za ka sa wa suna. Ga yadda baitin zai iya zama:

Kewarki bayan isha takan rufe ni,
Marmarin tuwon hannunki ya dame ni,
Na zo cin rani, damina uku sun riske ni,
Sun ce gida zai bar ni, ke kika riƙe ni,
Garin masoyi ba ya nisa, iƙama ta ɗaure ni.

Ka lura da amsa-amon. A naka, ɗango biyu sun ƙare da "a", biyu da "ni", kunne bai san wanda zai bi ba. Ƙarewa da "ni" kaɗai ma abu ne mai arha, domin kowane aikatau yana karɓarsa. Shi ya sa na zaɓi waɗanda suke da wasalin "e" kafin sa: rufe, dame, riske, riƙe, ɗaure. In kuma kana so ka bi tsarin ƙwar biyar na rubutacciyar waƙa, ɗango huɗu na farko su riƙe wannan ƙaramin amsa-amo, na biyar ya ɗauki wani dabam wanda zai riƙa dawowa a ƙarshen kowane baiti har waƙar ta ƙare. Ɗango na uku da na biyar sun fi sauran tsawo, sai ka rera su da karin da kake da shi a kai, ka rage gaɓar da ta yi maka yawa, amma kada ragin ya taɓa karin maganar, domin ana gane shi ne da cikakkiyar surarsa.

Bege ka ajiye shi don baiti na gaba, inda za ka yi maganar ranar haɗuwa, ko ɗan da ka bari a goye wanda yanzu muryarsa kawai ka sani ta waya. Yaron da yake gudu yana magana a yau ba ka taɓa zama da shi ba, don haka a kansa bege ya fi kewa dacewa.