Diskin rumbun bayanai ya cika, me zan rubuta wa kwastoma?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya diskin sabar da rumbun bayananmu yake kai ya cika, manhajar kwastomanmu ta tsaya kusan awa biyu. Mun tayar da ita, amma oga ya ce in rubuta masa wasiƙar bayani kafin gobe. PostgreSQL muke amfani da shi. Me zan saka, me zan bari? Ina tsoron in faɗi abin da zai ja mana matsala."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da fama. Na taɓa zama a kujerar da kake kai yanzu, kuma wasiƙata ta farko dawo mini da ita aka yi. Layi uku ce: diski ya cika, mun ƙara masa girma, muna ba da haƙuri. Manajan kamfanin da muke yi wa aiki ya amsa da tambaya ɗaya tak: "To me ya cika shi, kuma kuna ina har ya cika?" Ba ni da amsa a lokacin, domin ni kaina ban bincika ba.

Wannan tambayar tasa ita ce wasiƙar gaba ɗaya. Cikar diski ƙarshen labari ce. Diski ba ya cika da kansa a dare ɗaya sai da dalili, kuma kusan kullum ya kwashe kwanaki yana hawa a gaban idon mutane. Saboda haka kafin ka rubuta kalma ɗaya, koma kan sabar ka gano abin da ya cinye wurin. Idan abin da kuka yi jiya ƙara girman diski ne kawai, to akwai yiwuwar har yanzu yana cika, ka ga sai ka rubuta "mun magance matsalar" ta sake faɗuwa mako mai zuwa.

Bari in ba ka namu. Diskin giga 200 ne, bayanan kansu giga 120 suka ci, saura 80. Wani abokin aikinmu ya buɗe gurbin kwafi, wato hanyar da wata saba ke bi ta karɓi canje-canjen rumbun, domin gwada wata saba ta biyu da za ta riƙa ɗaukar bayanai don rahoto. Gwajin ya ƙare, aka kashe sabar, aka manta da gurbin. Shi kuwa PostgreSQL duk canjin da za a yi sai ya fara rubuta shi a kundin da ke cikin `pg_wal`, fayil-fayil masu mega 16, daga baya ya share tsofaffin. Amma muddin akwai gurbin da bai karɓi rabonsa ba, ba zai share ko ɗaya ba, zai yi ta ajiye masa su yana jiran ya dawo. Mu muna tara kusan giga 9 a rana. Raba 80 da 9, ka ga kwana tara ke nan. A rana ta tara rumbun ya faɗi da wannan saƙon:

```
PANIC: could not write to file "pg_wal/xlogtemp.4821": No space left on device
```

Ka duba naka da wannan:

```
SELECT slot_name, active,
  pg_size_pretty(pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), restart_lsn))
FROM pg_replication_slots;
```

In ka ga gurbin da `active` ɗinsa `f` ne kuma yana riƙe da giga masu yawa, ka kama ɓarawonka. In babu, duba `pg_stat_archiver` ka ga ko `archive_command` ne yake ta kasawa, domin shi ma yana hana share kundin. In shi ma lafiya lau, to `du` zai nuna maka ko fayilolin rahoton kurakurai ne, ko tsofaffin kwafin ajiya da wani ya tara a diski ɗaya da rumbun. Wani abu kuma, ina fata jiya babu wanda ya shiga `pg_wal` ya goge fayiloli da hannu don samun wuri. In an yi haka, tsaya da wasiƙar tukuna, ka gaya wa oga yau ɗin nan, saboda rumbun na iya lalacewa, kuma abin da za ka rubuta game da lafiyar bayanai ya canza ke nan.

Maganar lafiyar bayanai ita ce wurin da na fi so ka yi taka-tsantsan. Jimlar da kowa yake gaggawar rubutawa ita ce "babu bayanin da ya ɓace". Ta fuskar rumbun sau da yawa gaskiya ce: duk abin da ya tabbatar an ajiye to yana cikin kundi, idan ya tashi zai sake bin kundin ya daidaita kansa. Amma kwastomanka ba rumbu yake gani ba, ciniki yake gani. A namu, cikin lokacin da abin yake kwance, mutane sun ci gaba da biyan kuɗi ta kamfanin karɓar kuɗi, wanda sabarsa daban ce kuma lafiyarta ƙalau. Kuɗin ya fita daga asusunsu, saƙon tabbatarwa ya zo wurinmu ya tarar ba wurin rubutawa. Sai da na zauna da jerin biyan kuɗin ranar a gefe ɗaya, teburin oda a ɗaya gefen, ina bi layi-layi, na samu mutum 11 da aka cire wa kuɗi ba su da oda. Da na rubuta "ba abin da ya ɓace", kiran waya na farko daga cikin mutum 11 ɗin nan ya isa ya mai da ni maƙaryaci. Don haka rubuta abin da ka duba da yadda ka duba shi, iyakarsa ke nan.

Ga kusan yadda wasiƙa ta biyu ta kasance, na cire sunaye:

"Ranka ya daɗe,

Ranar Talata manhajarku ta daina karɓar oda daga ƙarfe 10:14 na safe zuwa 12:01 na rana, agogonku, wato awa 1 da minti 47. A wannan lokaci masu shiga shafin sun riƙa ganin saƙon kuskure. Laifin daga wajenmu yake, muna ba ku haƙuri.

Duk odar da aka kammala kafin 10:14 tana nan daidai. Mun gwada adadinsu da jimillar kuɗinsu da jerin kamfanin karɓar kuɗi. Mun samu mutum 11 da suka biya a lokacin tsayawar amma odarsu ba ta shiga ba. Mun shigar da su da hannu, jerinsu yana haɗe da wannan wasiƙa domin ku tuntuɓe su.

Abin da ya faru: wurin ajiyar rumbun bayananku ya cika, sai rumbun ya tsayar da kansa. Wata hanyar kwafar bayanai da muka buɗe don gwaji ce ba mu rufe ba bayan an gama, ta yi kwana tara tana tara fayiloli. Ƙararrawarmu ta yi gargaɗi kwana biyu kafin tsayawar, amma saƙon ya tafi akwatin imel da ba a dubawa.

Mun samu labari 10:31, ta hanyar kiran ma'aikacinku. Mun gano dalili 10:50. Mun ƙara giga 100 da 11:25, rumbun ya tashi 11:40, muka rufe hanyar gwajin, muka duba bayanai, sannan muka buɗe wa jama'a 12:01.

Abin da muka riga muka yi: mun sa iyaka ga yawan fayilolin da irin wannan hanya za ta iya tarawa, kuma gargaɗi yanzu yana kiran wayar mai aikin ranar tun diski yana kashi 75 cikin ɗari. Abin da ya rage: gargaɗin da zai auna saurin cikar diski, zuwa Juma'a mai zuwa. Zan rubuto muku ranar in tabbatar an gama."

Ka lura inda na ajiye dalili: sakin layi na uku. Mu injiniyoyi da shi muke son farawa tunda shi ya ba mu wahala, amma mai karantawa yana da nasa ogan ko nasa masu saye da suke jiran amsa, abin da yake nema da farko shi ne tsawon lokaci, wa abin ya shafa, da kuma ko kuɗi ko bayani ya salwanta. Ka kuma lura babu `pg_wal` a ciki, babu sunan saba. In suna da nasu injiniya, haɗa masa shafi na daban mai cikakken bayani.

Layin nan na akwatin imel da ba a dubawa, sai da muka yi gardama a kansa. Ogana ya so a cire, ya ce tonon asiri ne. Na ce masa su ne fa suka kira mu 10:31, sun riga sun san ba mu muka fara gani ba. In muka yi shiru a kai, za su ɗauka ba mu da ƙararrawa ko kaɗan, wanda ya fi muni. Ya bari. Sunan wanda ya buɗe gurbin kuwa bai shiga ba, kuma bai kamata ya shiga ba. "Ba mu rufe ba" aka rubuta, domin da muna da ƙa'idar duba guraben bayan kowane gwaji, mantuwar mutum ɗaya ba za ta kai ga haka ba.

Tsoron da kake ji na jawo matsala, wurinsa ɗaya ne: yarjejeniyarku. Buɗe ta ka gani ko kun yi alkawarin kashi 99.9 cikin ɗari a wata. A wata mai kwana 30, wannan minti 43 ne da ɗoriya kawai aka yarda manhaja ta tsaya, awa biyunku ta wuce shi nesa. Maganar rangwame ko diyya ba taka ba ce, kada ka yi alkawari kuma kada ka musa. Nuna wa oga lissafin, shi zai yanke abin da za a rubuta, in kuna da lauya ya ga wasiƙar kafin ta fita. Lokutan kuwa ka ciro su daga rahoton sabar, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Yawancin sabobi da UTC suke rubuta lokaci, ka juya shi zuwa agogon kwastoma, in ba haka ba zai ga wasiƙarka ta saɓa da abin da ya gani da idonsa.

Sai sashen matakai. Kada ka rubuta "ba za ta sake faruwa ba", ba a hannunka yake ba, kuma "za mu inganta sa ido" ba ta nufin komai. Raba wanda aka gama da wanda ba a gama ba, kowane wanda ba a gama ba da ranarsa. Iyakar da na ambata a wasiƙar ita ce `max_slot_wal_keep_size`, ta zo ne a PostgreSQL 13, kuma a yadda take zuwa `-1` ce, wato babu iyaka. Mu giga 30 muka sa. Ka sani dai tana da farashi: in sabar kwafi ta yi nisa a baya har ta wuce iyakar, gurbinta ya mutu, sai an sake gina ta daga farko. Mun zaɓi hakan a kan babbar saba ta faɗi. Ƙararrawar kashi 90 da muke da ita a da kuwa, ko da an ga saƙonta, giga 20 kawai ta bar mana, kwana biyu da 'yan awoyi a saurin da muke tafiya. Shi ya sa muka sauko da ita, muka kuma ƙara wadda take cewa "a wannan saurin saura kwana kaza".

In ka gudanar da umarnin can na sama, turo mana abin da ya fito tare da sakamakon `df -h`, ka goge sunayen sabobinku, sai mu taya ka tsara sakin layin dalilin kafin goben.