Wane irin saƙo zan tura wa manajarmu?

"Gobe manajarmu za ta cika shekara. In taya ta murna da harshen ladabi ne, ko in ɗan saka barkwanci?"

Ki tsaya kan ladabi, musamman a guruf ɗin ofis inda kowa ke karantawa. Jimla biyu sun wadatar: "Ranki ya daɗe, barka da zagayowar ranar haihuwa. Allah ya ƙaro shekaru masu albarka cikin ƙoshin lafiya." Ki kira ta da sunan da kika saba kiranta a wurin aiki, Hajiya ko Madam, kada ranar ta sa ki koma Anti alhali ba ki saba ba.

Raha tana shiga ne kawai idan ita ce ta saba fara tsokanarki, kuma a saƙon da ke tsakaninku. Ko a nan ɗin, layi ɗaya bayan addu'a ya isa, kamar "muna nan muna jiran kek". Kada ki taɓa batun tsufa, aure ko ritaya, balle ƙarin albashi, domin rubutu ba ya ɗauke da murmushi, za ta iya karanta shi a matsayin habaici. In ta amsa da "Na gode" kurum, ba ta biye wa wasan ba, to a bar shi nan. Kuma ki fara tabbatarwa tana bikin ranar, akwai waɗanda ba sa yi saboda fahimtarsu ta addini.