An turo mini katin buki kuma ina da tahiya

"Gwaggo, ƙawata ta turo mini hoton katin aurenta a WhatsApp, ɗaurin aure ran asabar a unguwar Zariya, ni kuma laraba zan tahi Kotonu sarin kaya. Mi zan ce mata, kuma mi zan ba ta?"

Ɗiyata, ki fara duba yadda katin ya iso. In a gurup aka watsa shi, Allah sanya alheri ya isa. Amma tunda ke ta turo ma kai tsaye to ta sa rai da ke, kuma irin wannan ba a amsa shi da rubutu ko ɗan hoton zuciya. Ki kira ta yau ɗin nan, in layi bai shiga ba ki yi mata saƙon murya. Kar ki ce "in sha Allah zan duba" alhali biyenki na hannu, don za ta ajiye miki anko ta ƙirga ki cikin masu rakiya, ranar a yi ta neman ki, wannan ya fi rashin zuwan ciwo.

Addu'a ake sawa gaba, uzuri ya biyo baya. Kamar haka: "Amarya, na ga kati, wallahi na yi murna, Allah ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba. Sai dai tahiya ta kama ni laraba zuwa Kotonu, ba zan samu buki ba, ki yi mini haƙuri. Zan shigo in gaida Inna kafin in wuce, ƙanwata kuma za ta tsaya a madadina." Shi ke nan, ba sai kin yi ta rantse-rantse ba.

Zuwa wurin uwarta kuwa kar ki yi wasa da shi, ko minti goma ne bayan la'asar, don ita ke riƙe da lissafin wa ya yi wa bai yi ba. Ki tuna abin da suka kawo a bukinki, in jikka biyar ne ba a maida jikka biyar cif, ana ɗora wani abu a kai, ko bakwai ko goma gwargwadon hali, kuma a hannun uwar za ki sa.

Kyautar amarya daban ce. Ni dai kar ki sayi kula ko kofuna, kowa su yake kawowa har a rasa wurin jerawa. Ki tambayi yayarta a ɓoye mi ya rage a kayan ɗaki. In ba a sai mata gaz ba, ƙaramar tukunyar nan mai kilo 6 haɗe da kan girkinta, a cike, kullum ta ɗora girki sai ta tuna da ke, in ta yi miki nauyi ku haɗa kuɗi da wata ƙawar. Kar ki yi alkawarin tsaraba, kuɗin sari ba a san yadda za su ƙare ba. In kin dawo ki je ganin ɗaki cikin satin, in turmin atamfa ya samu sai ki riƙa mata.