Me ya sa Malam ya soke M ɗina?

"Yaya, a asaimen an ce mu nuna Σ x/(1+n⁴x²) tana kwanbaj yunifom a kan duk R. Na ɗauki Mₙ = 1/(n⁴|x|), Malam ya ja min jan biro. Ina matsalar?"

To, salamu alaikum 'yan guruf. Ƙanwata, Malam ya yi daidai, don akwai x a cikin M ɗinki. A gwajin M na Weierstrass, kowane tam za ki samo masa lamba ɗaya tak, Mₙ, wadda girman tam ɗin ba ya wuce ta ko wane x aka saka, sannan jimlar waɗannan lambobin ta kwanbaj. Naki kuwa, matso da x kusa da sifiri ki gani, sai ya yi ta hauhawa ba iyaka, a sifiri ma babu shi sam.

Ga yadda za ki yi. Kin san (1 − n²|x|)² ba ya sauka ƙasa da sifiri, ko? Buɗe shi, zai ba ki 1 + n⁴x² ≥ 2n²|x|. Idan x ba sifiri ba ne, sai ki raba, x ya cinye x, girman tam ɗin bai wuce 1/(2n²) ba. Idan sifiri ne, tam ɗin ma sifiri ne, amma ki rubuta wannan layin, ana rage maki a kansa. Don haka Mₙ = 1/(2n²), kuma ba za ki samu wanda ya fi shi ƙanƙanta ba, don a x = 1/n² tam ɗin yana taɓa shi daidai. Σ 1/n² kuwa mun san tana kwanbaj, p = 2. Shi ke nan.

Amma ki gane dalilin, kada ki haddace kawai. Idan kika tsaya a tam na N, abin da ya rage a baya bai kai 1/(2N) ba. Kina son kuskure ƙasa da 0.01? N = 50 ya isa, ko x ya zama 7, ko 0.0003, hamsin ɗin nan dai ita ce. Abin da ake nufi da yunifom ke nan.

Sai abu ɗaya, don Malam zai iya juya tambayar a jarrabawa, ya sa n² a madadin n⁴. Nan ƙololuwar tam ɗin 1/(2n) ce, kuma Σ 1/n ba ta kwanbaj. Kada ki yi saurin rubuta "ba yunifom ba ce", gwajin shiru kawai ya yi, bai yanke hukunci ba. Hujja daban za ki kawo: saka x = 1/N, ki tara daga tam na N+1 zuwa 2N. Kowanne ya kai aƙalla 1/(5N), guda N ne, jimla ta kai 1/5 komai girman N. Wutsiyar ta ƙi ƙanƙancewa, a nan ne za ki ce ba yunifom ba ce. Gwada shi ki turo hoton takardar in duba.