Hoton kwali kawai kika turo min, Hajiya

"Salam likita, ga hoton maganin nan. Cokali nawa zan ba shi?" Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Na ga hoton, kwalin farasitamol na ruwa ne da hoton jariri yana murmushi, amma babban yatsanki ya rufe daidai kusurwar da nake son gani, wato inda aka rubuta ƙarfin maganin. Kuma "shi" ɗin nan ban san ko wane ne ba, ɗan wata biyu ne ko ɗan shekara shida, kilo nawa ne, zazzaɓin yau ya fara ko ya kwana uku. In na ce miki cokali kaza a haka wallahi canki-canka na yi da yaronki.

Kin ga farasitamol na yara ba ƙarfi ɗaya ba ne duk da sunan ɗaya ne. Akwai wanda za ki ga an rubuta 120mg/5ml, wani kamfanin 125mg/5ml, akwai na manyan yara 250mg/5ml, sannan akwai ɗan ƙaramin kwalba na ɗigawa jarirai mai 100mg/ml, shi wannan ƙaramin da ake rainawa ya fi su duka ƙarfi nesa ba kusa ba. Ma'anar rubutun ba wuya, lambar farko ita ce yawan maganin, ta biyu kuma yawan ruwan da aka narka shi a ciki, da mil ake auna shi, in ba a sa lamba ba mil ɗaya ake nufi.

Mu ɗauka yaronki kilo 12 ne, kamar ɗan shekara biyu ke nan. Ana lissafin farasitamol da nauyi ne, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo a shan lokaci ɗaya, to in muka ɗauki 15 sau 12 ya ba mu miligiram 180. In kwalbarki mai 120mg/5ml ce, mil 7.5 zai sha. To yanzu a ce maƙwabciyarki ta ji likita ya ce mil 7.5, ita kuma mai 250mg/5ml ce a gidanta, ta auna daidai haka ta ba nata ɗan mai kilo 12, ta ɗura masa miligiram 375, ya haura ninki biyu. In kuwa na ɗigawar nan ne aka auna mil 7.5, miligiram 750 ke nan, fiye da ninki huɗu, kuma uwar tana ganin ta bi maganar likita sau da ƙafa.

Abin da yake ba ni tsoro da farasitamol shi ne in ya yi yawa ba ya nuna kansa da wuri. Ranar farko yaro zai iya ɗan amai ko ma ya ci gaba da wasansa, sai kwana biyu zuwa uku hanta ta fara nuna ta taɓu, ido ya yi rawaya, ciwo ta gefen dama na ciki, yawan barci. Maganin da ke kare hantar kuma ya fi aiki in an fara shi cikin awa 8 na farko, shi ya sa duk wadda ta gane ta ba da fiye da ƙima ta ɗauki yaron da kwalbar ta tafi asibiti a lokacin, ko da yana dariya.

Batun cokali kuma, ki bar na kicin. Na taɓa jera cokulan shayi na gidana na auna da sirinji don in gani da idona, kowanne da nasa, wani bai kai mil 5 ba wani ya wuce. Ki yi amfani da ɗan kofin da ya zo a murfin ko ki sayi sirinji mara allura a kemis. Tsakanin sha da sha awa 4 zuwa 6, kar ya wuce sau huɗu a awa 24. Ki sake turo hoton gefen kwalin da bayansa, inda lambobin suke da EXP, wato ranar da maganin zai daina aiki, da lambar NAFDAC, ki haɗa min da shekarunsa da nauyinsa da duk wani magani da ya riga ya sha. Amma in bai kai wata uku ba kuma jikinsa da zafi, kar ki jira amsata, asibiti za ki.

"Likita na saba shan maganin maleriya ƙwaya huɗu safe huɗu yamma, wannan karon guda shida kawai na gani a kwalin, ko mai kemis ya cuce ni ne?" Wani ɗan kasuwa daga Katsina

Malam, mai kemis bai cuce ka ba, kuma don Allah kar ka haɗiye huɗu a cikin shidan nan. Duba jikin kwalin, wanda ka saba na tabbata 20/120 ne, mai ƙwaya 24, shi ne babba yake shan huɗu-huɗu. Wannan mai shida za ka ga 80/480, ƙwaya ɗaya tasa daidai take da huɗun can, maganin ɗaya ne, atimeta da lumefantirin, an dai dunƙule shi. Ɗaya za ka sha yanzu, ta biyu bayan awa 8, sannan ɗaya safe ɗaya yamma na kwana biyu, shida ta ƙare a kwana uku. Ka sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, don a cikin wofi jiki ba ya tsotse shi yadda ya kamata. Kuma kar a gutsura wa yaro naka, na yara da nauyi ake ba su, daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya ce ta 20/120 a kowane sha. Ina fatan dai an yi maka gwajin jini kafin ka saya.

"Ina shan farasitamol biyu-biyu saboda ciwon kai, ga kuma maganin mura na kati da na saya, zan iya haɗawa?" Wata ɗaliba daga Kano

Ƙanwata juya katin maganin murar ki karanta ƙananan rubutun nan na abin da ke ciki, da yawansu akwai farasitamol miligiram 500 a kowace ƙwaya, wani lokacin ma da ɗayan sunansa asitaminofen za a rubuta, in kwalin daga Amurka ya zo. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya takwas ta 500, kuma kar ya wuce giram 1 a sha ɗaya. In kina shan biyu sau huɗu kin riga kin cika ma'aunin, duk ƙwayar mura da kika ɗora ƙari ne a kan hantarki. In kin ga yana ciki to ki zaɓi ɗaya ki ajiye ɗaya, in rubutun ya miki ƙanana ki koma da katin wajen mai kemis ɗin ya nuna miki layin da yatsa.